Ƙanshin girki da olsa: da gaske ne asid yana zuba tun kafin a kai loma baki?

Ummi_Jinya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aji biyu a makarantar koyon aikin jinya, muna kan darasin tumbi. An koya mana cewa zubar asid mataki uku ce: matakin kai, matakin tumbi, sai matakin hanji, wai kashi 30 cikin 100 daga na kai yake fitowa, 60 daga na tumbi, 10 daga na hanji. Na haddace, amma bai zauna mini ba. Ta yaya aka auna asid ɗin da ya zuba kafin abinci ya isa ciki? Abin da ya sa na damu shi ne Mamanmu tana da olsa. A azumin da ya wuce, da zarar an ɗora ƙosai bayan la'asar sai ta dafe ƙirji ta koma ɗaki. Omefirazol take sha, amma sai ta gama cin abinci take haɗiya, kuma ba ta ga wani sauƙi ba. Ƙanshin ne yake tayar mata, ko dai yunwa ce kawai?

Sani_Dakin_Gwaji: Wa alaikis salam. Ƙanshin ne. Hanci ya kai wa ƙwaƙwalwa labari, ƙwaƙwalwa ta aika saƙo ta jijiyar bagos, wadda ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa ciki, tumbi ya fara zuba. Tunda babu abincin da asid zai kama, sai ya kama gyambon. Ku daina girki kusa da ita.

Yarima_Gusau: Ni a ganina tsami ne matsalar. Ta bar kunun tsamiya da lemun tsami da zoɓo, su ne suke ƙara asid a ciki. Kakata da ta bar su ba ta sake kuka da ciki ba.

Likita_Bala: Ummi, tambayarki ta farko tana da amsa mai kyau, domin an auna abin a zahiri. Pavlov, masanin nan na Rasha da ya samu kyautar Nobel a 1904, ya yi wa karnuka tiyata iri biyu. Ya yanke hanyar abinci a wuya ya fito da bakinta waje, sannan ya sa bututu a tumbi. Kare zai ci nama da daɗinsa, ya haɗiye, naman ya faɗo ta wuya ya koma kwano, ko tsoka ɗaya ba ta isa ciki ba. Bayan kamar minti biyar sai ruwan tumbi ya fara ɗiga ta bututun, ya ci gaba da zuba muddin karen yana ci. Da aka yanke jijiyar bagos aka maimaita, sai zubar ta tsaya. Nan aka gane hanyar da saƙon yake bi.

A mutane ba a yanka kowa. Ana zura siririn bututu ta hanci zuwa tumbi, a ba mutum abinci ya tauna ya tofar, ana zuƙo ruwan ana aunawa. Akwai wani bincike na 1986 da Feldman da Richardson suka yi a Amurka, inda suka zaunar da mutane ana hirar abincin da suke so na rabin awa, babu ci, babu gani. Asid ya ɗan haura ninki uku. Abin da ya fi jan hankalina a aikin nan shi ne hirar abincin ta fi gani ko shaƙar ƙanshinsa ƙarfi. To Malam Sani, ko an kai kaskon ƙosai bayan gida, mai azumin da yake lissafin abin da zai yi buɗa baki da shi ya riga ya kunna matakin kai.

Yarima, tumbin da babu komai a ciki yana zama a pH 1 zuwa 2, wato ma'aunin tsami, wanda in lambarsa ta yi ƙasa tsamin ya fi yawa. Kunun tsamiya bai kai haka tsami ba. Yana iya yi wa mai ƙwannafi zafi a hanyarsa ta sauka, kuma idan barinsa ya yi wa Kaka daɗi madalla, amma ba shi ne yake cika tumbi da asid ba. Tumbin da kansa yake haɗa abinsa.

Yarima_Gusau: To Likita, na ji. Amma ni dai na ga abin da na gani a gida.

Ummi_Jinya: Na gode Likita. Yanzu na ga inda 30 ɗin ta fito. Amma wani littafin da na duba 20 da 70 da 10 ya rubuta. Wanne zan ɗauka?

Likita_Bala: Ki rubuta wanda malaminki ya koyar. Lambobin kimantawa ne, kuma matakan ba layi suke bi kamar masu ɗibar ruwa a famfo ba. Kina loma ta biyar, ta farko ta riga ta isa tumbi, kina kuma jin ƙanshin abin da ya rage a kwano. Kafin ki wanke hannu, ruwa-ruwan abincin ya fara tsallakawa hanji. Duk ukun suna aiki tare, shi ya sa rabon yake bambanta daga gwaji zuwa gwaji.

Baban_Khalifa: Ni direban babbar mota ne, ban yi wannan karatun ba, amma ciwon na sani. Shekara huɗu ina fama. Nawa ba da ƙanshi yake zuwa ba. In na ci abinci sai ya lafa, bayan awa biyu ko uku ya dawo a ƙahon zuciya kamar an ɗora garwashi. Mafi tsanani ƙarfe ɗaya ko biyu na dare, ya tashe ni daga barci a cikin mota. Sai in jiƙa kanwa a murfin fulas in sha, in yi gyatsa mai ƙarfi, in ji sanyi. Wani lokaci madarar gwangwani nake kurɓa. Amma kafin asuba ya sake dawowa, wani lokacin har ya fi na farko. Me yake jawo haka?

Sani_Dakin_Gwaji: Madara ai magani ce Baba, tana lulluɓe gyambon. Ka dai ƙara yawanta.

Hajiya_Kemis: A'a Sani, kada ka ba shi wannan shawarar. Shekara goma sha tara ina bayan kanta, na ga masu madarar nan da yawa. Tana kwantar da zafi na ɗan lokaci, gaskiya ne, amma furotin da kalsiyam da ke cikinta suna cikin abubuwan da suka fi tayar da asid. Likita zai fi ni iya bayanin yadda abin yake, amma ba ƙari Baban Khalifa yake buƙata ba.

Likita_Bala: Hajiya ta faɗi daidai. Bari mu bi kwano ɗaya tun daga farko, domin amsar Baban Khalifa tana cikin matakin tumbi, kuma Ummi, nan ne ya kamata ki fi tsayawa.

A ce mutum ya zauna gaban tuwo da miyar kuka da nama da ƙarfe takwas na dare. Kafin ya fara, tumbinsa yana da ɗan asid kaɗan amma mai kaifi, pH kusan 2. Tuwo ya sauka ya buɗa bangon tumbi. Buɗawar nan kaɗai saƙo ce: jijiyoyin da ke cikin bangon suna amsawa nan take, wasu kuma su kai labari ƙwaƙwalwa ta bagos a dawo musu da umarni. Sai naman ya fara narkewa. Gutsattsarin furotin suna taɓa wasu ƙwayoyi a ƙasan tumbi, kusa da mafita, ana ce musu ƙwayoyin G. Su ne suke sakin gastirin, wani sinadari mai kai saƙon a zuba asid, cikin jini. Gastirin ya zaga ya dawo saman tumbi, inda ƙwayoyin fariyetal masu zuba asid suke.

Abin da mutane ba sa lura da shi: abincin da kansa yana shanye asid ɗin da ya tarar. Minti kaɗan bayan cin, pH ya haura zuwa 4 ko 5. Wato lokacin da tumbi ya fi zuba asid, wajen awa ɗaya bayan ci, ba shi ne lokacin da cikinsa ya fi tsami ba. Shi ya sa Baban Khalifa yake jin sauƙi idan ya ci.

Zuwa ƙarfe goma ko sha ɗaya abinci ya ragu, babu mai shanye asid, pH ya sake gangarowa. Da ya sauka ƙasa da 3, wasu ƙwayoyi maƙwabtan G, ƙwayoyin D, sai su saki somatostatin, shi kuma ya hana G sakin gastirin. Asid da kansa yake kashe abin da ya kunna shi. A lafiyayyen tumbi haka ake rufe shago.

Yanzu ka kawo kanwa. Ta kashe tsamin nan take, iskar da ta fito daga haɗuwarsu ita ce gyatsar da kake yi. Amma da tsami ya tafi, ƙwayoyin D sun yi shiru, G sun samu sarari. Kanwar kuma ba ta daɗewa a tumbin da babu abinci. Ta wuce, asid ya dawo. Madara ta ƙara da nata, domin ita abinci ce mai furotin, sabon matakin tumbi take buɗewa da tsakar dare.

Baban_Khalifa: Wato kamar in ɗaga ƙafa daga birki a gangara, ga kuma totur a take. Na gane wannan sarai. To amma me ya sa nawa birkin ba ya kamawa tun farko? Yaron motata abinci ɗaya muke ci, shi barcinsa yake yi.

Likita_Bala: Ranka ya daɗe, ba zan yanke maka hukunci ban duba ka ba. Amma yadda ka kwatanta, ciwon da ci yake kwantar da shi, ya dawo bayan awa biyu zuwa uku, ya tashe ka da dare, ya yi kama da gyambon farkon hanji. Abin da ya fi jawo shi ƙwayar cutar Helikobakta ce, wadda Marshall da Warren suka nuna a Ostareliya, suka samu Nobel a kanta a 2005. Idan ta zauna a ƙasan tumbi, kumburin da take haddasawa yana raunana ƙwayoyin D. Somatostatin ya ragu, gastirin ya yi yawa, asid mai yawa ya riƙa kwarara cikin hanji. Ana gano ta da gwajin bayan gida ko na numfashi, ana kashe ta da haɗin magunguna na kwana 10 zuwa 14. Ka je a gwada ka. Sannan ina da tambaya: kana shan maganin ciwon jiki?

Baban_Khalifa: Kusan kullum in na sauka daga doguwar tafiya. Dikulofenak, wani lokaci da ibufurofen. Goro kuma ba ya barin aljihuna saboda barci.

Hajiya_Kemis: Innalillahi. Alhaji don Allah ka ajiye waɗannan biyun har ka ga likita. Ba asid suke ƙarawa sosai ba, kariyar bangon tumbin suke zarewa, majinar da ke rufe shi ta yi ƙaranci. Goron ma yana tayar da asid saboda sinadarin kafeyin da ke cikinsa. Kanwa kuma gishiri ce mai nauyi, in kana da hawan jini wata matsalar ce daban. In ka taɓa ganin bayan gidanka ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, ko ka yi amai mai jini ko mai kama da garin kofi, kada ka jira gari ya waye.

Maryam_Maradi: Ina bin ku daga nan. Ni ungozoma ce, mata masu ciki kullum da kukan ƙwannafi suke zuwa mini. Mun karanta cewa maiƙo yana rage asid idan ya isa hanji. To me ya sa soyayyen abu ne ya fi ƙona musu ƙirji? Abin ya daɗe yana ɗaure mini kai.

Sani_Dakin_Gwaji: Matakin hanji ai birki ne zalla. Sikiritin ne yake yin aikin, an gano shi a 1902, Bayliss da Starling. Da maiƙo ya shiga hanji sai sikiritin ya fito ya tsayar da asid.

Likita_Bala: Shekarar da sunayen daidai ne Malam Sani, kuma shi ne homon, wato sinadarin saƙo da ke bi ta jini, na farko da aka gano. Gyara biyu kawai. Babban abin da yake fito da sikiritin asid ne, idan pH na farkon hanji ya sauka ƙasa da 4.5. Aikinsa na gaba-gaba shi ne ya sa fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, ya turo ruwa mai kashe tsami, sannan ya rage wa tumbi hanzari. Maiƙo nasa homon daban ne, kolesistokinin, wanda yake matse maɗaciya, yake kuma riƙe ƙofar tumbi kada ta saki abinci da yawa lokaci guda. Na biyu, ba birki ne zalla ba. A farkonsa narkakken furotin da ya shiga hanji yana ɗan ƙara asid, nan ne 10 ɗin Ummi ta fito. Amma gaskiya birkin ya fi yawa.

Malama Maryam, amsarki tana cikin riƙe ƙofar nan. Ƙwannafi ba lallai yawan asid ba ne, asid ne ya hau inda ba wurinsa ba. Maiƙo yana sa abinci ya daɗe a tumbi, yana kuma sassauta zoben naman da ke tsakanin hanyar abinci da tumbi. Mai ciki homon ɗin cikin ya riga ya sassauta mata zoben, ga mahaifa tana turowa daga ƙasa. Ko asid ɗin bai da yawa, kaɗan da ya hau ya isa ya ƙona, domin hanyar abinci ba ta da rigar da tumbi yake da ita.

Maryam_Maradi: Madalla. Ashe abu biyu nake haɗawa wuri ɗaya.

Ummi_Jinya: Ina ta rubutawa. Amma don Allah a dawo kan Mama. Maganin da take sha bayan abinci, kuskure ne?

Hajiya_Kemis: Kuskure ne da kusan kowa yake yi 'yata, domin an saba jin "a ci abinci kafin a sha magani". Wannan ba haka yake ba. Omefirazol ba ya aiki a cikin tumbi kai tsaye kamar farin maganin nan na ruwa. Sai ya wuce hanji, ya shiga jini, ya dawo wa ƙwayoyin fariyetal ta baya. A can yake manne wa famfon da ke fitar da asid, ya kashe shi. Amma famfon da yake aiki kawai yake iya kamawa. Lokacin da babu ci, yawancin famfunan a ɓoye suke cikin ƙwayar, abinci ne yake fito da su. Maganin kuma ba ya daɗewa a jini, cikin kamar awa ɗaya rabinsa ya tafi. To ana so ya riga ya isa jini daidai lokacin da abinci zai fito da famfunan. Shi ya sa ake cewa minti 30 zuwa 60 kafin ci. Wanda ya sha bayan ya ƙoshi, maganin yana zaune cikin tuwo yana jiran ƙofa, kafin ya iso an riga an ci kasuwa.

Kuma ba maganin sha yanzu warke yanzu ba ne. Sai an jera kwana uku zuwa biyar kafin ya kai ƙarfinsa, domin kullum wani kaso na famfunan yake samu. Kada a tauna ƙwayoyin da ke cikin kafson, rufinsu ne yake kare su daga asid.

A azumi abin da na fi gani yana yi wa mutane shi ne su tashi da wuri, su sha da ruwa, a yi rabin awa sannan a ci sahur. Wanda aka rubuta wa sau biyu, ya sha na biyun da ruwan buɗa baki, ya je ya yi magariba, ya dawo ya ci.

Sani_Dakin_Gwaji: Ni har yanzu ina ganin simetidin ya fi dacewa da ita, tunda histamin kawai yake tarewa, bai kashe famfo gaba ɗaya ba.

Likita_Bala: "Kawai" ɗin nan ba ƙarami ba ne. Gastirin yawancin aikinsa ta hannun histamin yake yi: yana taɓa wasu ƙwayoyi a gefen fariyetal su saki histamin, bagos ma yana taimakawa. Shi ya sa tare histamin kaɗai yake rage amsar dukkan matakan, kuma a kan wannan aikin, tare da wani aikin nasa, James Black ya samu Nobel a 1988. Irin waɗannan magungunan suna da kyau ga asid na dare. Amma jiki yana sabawa da su cikin kwanaki, kuma wajen warkar da gyambo ba su kai masu kashe famfo ba. Wanne ya dace da Mama, mai duba ta ne zai faɗa.

Ummi, kan ƙosai: ƙanshi da tunanin buɗa baki suna tayar da asid, tumbi babu komai tun asuba, kuma asid ɗin da tumbi yake zubawa ba tare da ci ba dama ya fi yawa da yamma zuwa dare. Duk sun haɗu a wannan lokacin. Amma lafiyayyen tumbi yana ɗaukar wannan kullum ba tare da ciwo ba. Ƙanshin ya tona ne, ba shi ya haƙa ba. An taɓa yi mata gwajin Helikobakta? Shekarunta nawa, kuma ta rame?

Ummi_Jinya: Shekararta 58. Ba a taɓa gwadawa ba, a wani kemis aka ce olsa ce shekara uku da suka wuce, tun lokacin take saye. Ramewa kam zanenta ya ɗan yi mata yawa, amma mun ɗauka azumi ne.

Likita_Bala: A wannan shekarun, da ciwon da ya ƙi jin magani, da ramewa, ni zan so a leƙa cikin da na'ura, ba gyara lokacin shan magani kawai ba. Ki gaya wa likitan tana kan omefirazol, domin yana iya ɓoye ƙwayar cutar a gwajin bayan gida da na numfashi, akan ce a dakatar da shi mako biyu kafin gwaji. Kada ta yanke da kanta. Wanda ya daɗe yana sha, gastirin ɗinsa ya hau saboda birkin nan ya daɗe a sake, in ya bari farat ɗaya asid yana iya dawowa da ƙarfi na wasu makonni.

Yarima_Gusau: Allah ya ba Mama lafiya. Amma ba wanda ya ce komai kan yaji. Ni in na ci tsire da yaji sosai daren nan ba barci.

Maryam_Maradi: Ni kuma ina da matan da suke cin tonka kullum ba abin da yake damunsu, wasu kuma ɗan kaɗan ya isa. Ina ga jiki ne da jiki.

Baban_Khalifa: Jibi zan sauka gida in sha Allahu, zan je gwajin. Hajiya, kafin nan in ciwon baya ya matsa mini a hanya, me zan sha a madadin wancan?

Hajiya_Kemis: Farasitamol, in ba ka da ciwon hanta, kuma kada ka wuce abin da aka rubuta a jikin kwalin. Kanwar ma ka bar ta a gida.

Ummi_Jinya: Amin Yaya Yarima, na gode. Na yi magana da Yayanmu, ranar Litinin za mu kai ta. Likita, saura abu ɗaya da ban gane ba: idan an yanke wa mutum bagos kamar karnukan Pavlov, matakin tumbi yana ci gaba da aiki da gastirin kaɗai, ko shi ma yana raguwa?